Ƙarin garanti da kariyar haɗari ga laftof: ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu a Gusau, Tsafe da Bungudu?

Wanda ya je sayen sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi kira laftof, yakan gamu da tayi guda bayan an gama ciniki: ya ƙara kuɗi a tsawaita masa garanti zuwa shekara biyu ko uku, ko kuma ya sayi kariyar da za ta ɗauki nauyin gyara idan na'urar ta faɗi ko ruwa ya zube mata. Ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe, ko mai shagon buga takardu a Bungudu, kuɗin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne, domin laftof ɗin kanta takan cinye ajiyar watanni.

Amsar a taƙaice ita ce, darajar irin wannan takarda tana rataye ne a kan abin da mutum zai kashe kafin ya karɓi haƙƙinsa daga inda yake zaune. Garantin da yake da amfani ga mazaunin Ikeja, wanda zai hau mota ɗaya ya isa cibiyar gyara, yana iya zama takarda kawai ga mazaunin Tsafe. Wannan bayani ya bi lamarin daki-daki, har da lissafin da kowa zai iya yi da alƙalumansa.

Abubuwa huɗu da ake kira da suna ɗaya

A kasuwa, kalmar garanti tana ɗauke da alkawura daban-daban, kuma yawancin rigingimun da ake yi bayan ciniki daga wannan ruɗani suke tasowa.

Na farko shi ne garantin kamfanin da ya ƙera na'urar. Yana zuwa tare da sabuwar laftof ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma a kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo galibi shekara ɗaya ne. Abin da ya ƙunsa shi ne aibin da ya samo asali daga masana'anta: allon da ya mutu haka kawai, maɓallan da suka daina aiki, fankar ciki da ta tsaya, ko babban faifan ciki da ake kira bod wanda ya lalace ba tare da an yi masa komai ba.

Na biyu shi ne ƙarin garanti. Wannan tsawaita na farkon ne kawai, da sharuɗɗansa da togaciyarsa. Bai ƙara wani nau'in lalacewa a cikin jerin abin da za a gyara ba. Lokaci kaɗai ya ƙara. HP na sayar da shi da sunan Care Pack, Dell kuma yana da ProSupport.

Na uku shi ne kariyar haɗari, wadda a takardun kamfanoni ake rubutawa Accidental Damage Protection ko Accidental Damage Service. Ita ce take ɗaukar abin da na farko da na biyu suka ƙi: faɗuwa, fashewar allo, zubewar ruwa ko shayi, kuma a sharuɗɗan manyan kamfanonin nan har da ƙonewa sakamakon wutar lantarki da ta zo da ƙarfi farat ɗaya. Ita ma tana da iyaka. Yawanci ana ƙayyade yawan gyaran da za a yi, sau da dama ɗaya a shekara, kuma ba ta shafi sata ko ɓacewa ko gobara ko ƙujewar da ba ta hana aiki ba.

Na huɗu shi ne garantin shago, wato alkawarin mai sayarwa cewa idan matsala ta taso cikin mako guda ko wata guda a dawo masa da kaya. Wannan shi ne wanda mafi yawan masu saye a Zamfara suke samu a zahiri, kuma ƙarfinsa ƙarfin amanar mai shagon ne da kuma abin da aka rubuta a rasit.

Haƙƙin da doka ta bayar kyauta

Kafin mutum ya biya kuɗin wata kariya, ya kamata ya san wadda yake da ita tun asali. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda suka dace da aikin da aka saba yi da su. Sashe na 132 kuma ya ce idan kayan suka gaza cika wannan sharaɗi, mai saye na iya mayar da su cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, kuma wajibi ne mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi.

Ma'anar wannan ita ce rubutun da ake gani a ƙasan rasit cewa ba a mayar da kaya bayan an saya ba ya shafe haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai ɓoyayyen aibi. Haka kuma mai shagon da ya nemi ƙarin kuɗi don garantin wata uku a kan sabuwar na'ura, yana sayar wa mutum abin da doka ta riga ta ba shi. Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a Zamfara, domin fiƙihun Malikiyya ya daɗe da tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da haja idan ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Sai dai wata uku gajere ne idan aka kwatanta da ƙasashen Tarayyar Turai, inda doka ta tilasta garantin aƙalla shekara biyu. Wannan giɓi ne masu sayar da ƙarin garanti suke cikewa. A Birtaniya ma an daɗe ana sa ido a kan wannan kasuwa: binciken hukumar kula da gasa ta ƙasar a 2003 ya gano cewa shagunan da ke sayar da kayan lantarki sun mamaye cinikin ƙarin garanti saboda su ne ke gaban mai saye a daidai lokacin biyan kuɗi. Dokar da ta biyo baya a 2005 ta tilasta musu bayyana farashin garantin kusa da na kayan, ta kuma ba mai saye kwana 45 ya soke ya karɓi kuɗinsa. Darasin ya shafe mu: tayin da aka yi wa mutum yana tsaye a gaban kanta, an yi shi ne a lokacin da ya fi ƙarancin damar kwatantawa.

Laftof ta hannu: garantin waye?

Kaso mai yawa na laftof da ke yawo a Gusau ba sababbi ba ne. 'Yan gwanjo ne da aka yi amfani da su a ofisoshin Turai ko Amurka, suka shigo ta Legas, suka bi ta Kwamfuta Bilej a Ikeja ko kasuwannin Kano irin su titin Beirut, kafin su iso shagunan Gusau. Irin waɗannan na'urori galibi sun shekara uku zuwa sama, garantin kamfaninsu ya ƙare tuntuni. Kamfanoni kuma kan sayar da kariyar haɗari ne lokacin sayen sabuwar na'ura ko jim kaɗan bayansa, ƙarin garanti kuwa galibi kafin na asali ya ƙare. Saboda haka ga mai sayen ta hannu, tambayar ko ya sayi ƙarin garantin kamfani ba ta ma taso ba.

Ko da na'urar tana da sauran garanti, akwai tarko biyu. Ana iya ɗaure garantin da ƙasar da aka fara sayar da na'urar, musamman kariyar haɗari, ta yadda cibiyar gyara a Najeriya ba za ta karɓa ba. Sannan sunan mai shi na farko ne a rajista. Dell, alal misali, yana da fom na musamman na sauya mallaka wanda sai an cike shi.

Ana iya tabbatar da wannan duka a cikin shagon kafin a biya. Kowace laftof tana da lambar shaida a ƙasanta, wadda Dell ke kira Service Tag, sauran kuma Serial Number. Tun da ana iya sauya murfin ƙasa ko a manna wata takarda, gara a karanta lambar daga cikin na'urar. A buɗe PowerShell a rubuta:

```
Get-CimInstance Win32_BIOS | Select-Object SerialNumber
```

Idan lambar da ta fito ta saɓa da wadda ke jikin murfin, an sauya bod ko murfi, kuma duk wata maganar garantin kamfani ta zama abar shakka. Idan sun dace, sai a shigar da lambar a sashen duba garanti na shafin kamfanin, wanda zai nuna ranar farawa da ranar ƙarewa da nau'in kariyar da ke kanta. Wannan dubawa tana da amfani ko a sabuwar na'ura, domin wani lokaci kamfani yana fara ƙirga shekarar tun daga ranar da kayan suka bar hannunsa zuwa ga dila. Laftof ɗin da ta yi wata biyar a sito tana iya nuna saura wata bakwai kacal, kuma rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar shaida ne kaɗai hujjar da za a gyara ranar da ita.

Batir ma yana da nasa gwajin:

```
powercfg /batteryreport
```

Umarnin zai samar da rahoto mai nuna DESIGN CAPACITY, wato ƙarfin batirin yana sabo, da FULL CHARGE CAPACITY, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na farko 50,000 ne na biyu kuma 30,000, batirin ya rasa kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa. A rubuta wannan adadi a rasit, ko a rage farashi a kansa, domin babu garantin da zai biya shi daga baya.

Abin da ke kashe laftof a nan, da abin da takardar ta ce

Hanya mafi sauƙi ta auna kowane tayi ita ce a jera abubuwan da suka fi lalata na'ura a wurin da mutum yake, a duba nawa daga cikinsu takardar ta ɗauka.

Wutar lantarki ce kan gaba. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma kamar sauran sassan ƙasar, gidaje da shaguna suna sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta da sola. Cajar laftof an ƙera ta ne ta jure wuta daga bolt 100 zuwa 240, kamar yadda aka rubuta a jikinta, don haka ƙarancin wuta bai cika yi mata illa ba. Abin da ke ƙona ta shi ne tsallen da wuta ke yi lokacin da aka dawo da ita ko aka tayar da ƙaramin janareta, da tsawa a lokacin damina. Caja ta asali takan mutu ita kaɗai ta tsare na'urar, amma jabun caja tana iya barin wutar ta wuce ta ƙona sashen caji na bod. Garantin kamfani da ƙarinsa duka sun togace lalacewar da wutar waje ko kayan da ba na kamfanin ba suka jawo. Mai gyara kuma yana gane wannan da ido, domin ƙonewa tana barin tabo.

Na biyu zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau yakan haura digiri 40, hunturu kuma yana cika fanka da ƙura har iska ta daina fita. Sakamakon shi ne na'ura mai zafi, mai kashe kanta, da batir mai saurin tsufa ko kumbura. Kamfanoni suna ɗaukar batir a matsayin abin da ke ƙarewa da amfani. Garantinsa yawanci shekara ɗaya ne ko da an tsawaita na sauran na'urar, sai in an sayi nasa daban. Share ƙura kuwa aikin mai na'ura ne.

Na uku faɗuwa da matsewa: jaka a bayan babur, kaya da aka danne a but ɗin mota tsakanin Tsafe da Gusau, yaro da ya ja wayar caja. Kariyar haɗari ce kaɗai ke ɗaukar wannan. Na huɗu sata da ƙwace, waɗanda babu ɗaya daga cikin alkawuran kamfani da ya shafe su.

Idan aka haɗa, za a ga cewa ƙarin garanti zalla yana tsare mutum ne daga aibin masana'anta a shekara ta biyu da ta uku, alhali irin wannan aibi yakan fi bayyana tun a watannin farko, lokacin da garantin kyauta yake aiki. Kariyar haɗari ta fi dacewa da matsalolin wannan yanki. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Kuɗin zuwa karɓar haƙƙi

Garantin kamfani ba ya aiki a hannun kowane mai gyara. Sai an kai na'urar cibiyar da kamfanin ya amince da ita, kuma irin waɗannan cibiyoyi sun taru ne a manyan biranen kasuwanci, Legas da Abuja a kan gaba. Mazaunin Bungudu zai fara shigowa Gusau, sannan ya bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, hanyar da matsalar tsaro ta sa matafiya ke lissafin lokacin bin ta. Ko dai ya je da kansa sau biyu, kaiwa da karɓowa, ko ya ba direba a tasha ya ɗauki kasadar abin da zai faru a hanya. Idan kayan gyaran ba sa ƙasa, sai an jira a shigo da su, kuma jiran yana iya kai makonni.

A wannan tsakani akwai jarabar kai ta wurin mai gyara na kusa ya ɗan duba. Sharuɗɗan kamfanoni sun cire duk lalacewar da gyaran wanda ba su amince da shi ba ya jawo, kuma alamar dalma a kan bod ta isa a ƙi karɓar na'ura. Wato wanda ya sayi ƙarin garanti ya ɗaure kansa da gyaran nesa har tsawon wa'adin.

Misali da lissafi

A ɗauki wata ɗaliba a Tsafe da za ta sayi sabuwar laftof a kan naira 600,000. Alƙaluman nan na misali ne, kowa ya saka farashin da aka faɗa masa. An yi mata tayi biyu: ƙarin garanti na shekara biyu a kan naira 60,000, ko kariyar haɗari ta shekara uku a kan naira 90,000. Ta tambayi mai gyara a Gusau ya ce sauya bod zai ci naira 250,000, allo 80,000, maɓallai 20,000. Ta kuma ƙiyasta cewa kai na'urar cibiyar kamfani da dawo da ita zai ci naira 30,000.

A fara da ƙarin garanti. Idan maɓallai suka lalace, zuwa cibiyar asara ce, domin kuɗin hanya ya fi kuɗin gyara. Babban abin da garantin zai tsare mata shi ne mutuwar bod. A nan za ta tsira da 250,000, a cire 30,000 na hanya, saura 220,000. Idan aka raba 60,000 da 220,000 za a samu kusan kashi 27 cikin ɗari. Ma'ana, garantin zai biya kansa ne kawai idan cikin kowace laftof huɗu irin tata, fiye da ɗaya za ta rasa bod a shekara ta biyu ko ta uku, kuma saboda aibin masana'anta kaɗai, ba wuta ba, ba ruwa ba. Na'urar da ke mutuwa haka bai kamata ma a saye ta ba.

Sai kariyar haɗari. Idan allo ya fashe sau ɗaya, ta tsira da 50,000 bayan cire kuɗin hanya, alhali ta biya 90,000. Sai ya fashe sau biyu a shekaru daban-daban kafin ta mayar da kuɗinta. Idan kuwa shayi ko wuta suka kashe bod, ta tsira da 220,000. Rabon 90,000 da 220,000 ya kai kusan kashi 41 cikin ɗari, wato biyu cikin biyar. Wanda ke yawo da na'urarsa kullum a kan babur zuwa ƙauyuka, yana caji a duk inda ya samu, yana iya ganin haɗarinsa cikin shekara uku ya kusanci haka idan ya haɗa allo da bod. Wadda na'urarta ke kan tebur a ɗaki ba ta kusa da wannan adadi.

Abu biyu suna iya karkatar da lissafin zuwa ɓangaren saye. Na farko darajar naira. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; a 2024 ta haura 1,500. Kayan gyaran laftof duk shigo da su ake yi, don haka wanda ya biya kariya da farashin yau ya kulle kuɗin gyaran gobe. Idan bod ɗin misalinmu ya koma 500,000, kashi 27 ɗin nan zai sauka zuwa kusan 13. Na biyu ƙirar na'urar. A siraran laftof na zamani an manne ma'adanar aiki, wani lokaci har da ma'ajiyar bayanai, a jikin bod, ta yadda ƙaramar matsala ke zama sauya bod gaba ɗaya. Tsofaffin na'urorin ofis irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad kuwa suna kwancewa gunduwa-gunduwa, kayansu na hannu suna da yawa a kasuwa, kuma mai gyaran gida yana iya musu aiki a rana guda.

Akwai kuma tambayar da lissafi ba ya amsawa: idan na'urar ta mutu gobe, akwai inda za a samo 250,000? Kariya ta fi amfani ga wanda asarar za ta durƙusar da shi. Amma ko shi, sai ya tabbatar akwai cibiyar da za ta karɓi na'urarsa.

Inshora da takaful

Wanda babban tsoronsa sata ce, wurin kamfanin inshora zai nufa. Kamfanonin da hukumar NAICOM ta ba lasisi suna sayar da inshorar da ake kira ta dukkan haɗura ga kayan da ake yawo da su, wadda ke iya haɗa sata da lalacewa. Sunan ya fi abin girma. Akwai kason farko na kowace asara da mai kaya zai ɗauka da kansa, ana iya rage kuɗin tsufan na'ura kafin a biya, ana neman rahoton 'yan sanda da rasit, kuma sharuɗɗan kan cire asarar da yaƙi ko ta'addanci ko tarzoma suka jawo. Mazaunin Zamfara ya nemi a rubuta masa ƙarara ko ƙwacen 'yan bindiga a kan hanya yana ciki ko yana waje. Idan kuma wani shago ya ce kariyarsa ta haɗa da sata, a tambayi sunan kamfanin inshorar da ke bayansa, a duba shi a jerin masu lasisi na NAICOM.

A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 1999, hukuncin abin ma yana cikin lissafin mutane da yawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, ta kuma amince da inshorar taimakekeniya. A kan wannan aka gina takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda asara ta sama, a kuma iya raba rarar da ta saura. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Garantin da ya zo tare da haja a cikin ciniki ɗaya bai cika jawo saɓani ba. Wanda aka saya daban da kuɗinsa ne malamai suka yi saɓani a kai, wasu na ganin sa kamar sayen kifi a ruwa.

Abin da babu takardar da ke biya

Babu garanti ko kariyar haɗari da ke mayar da bayanan da suka salwanta. Cibiyar gyara tana iya goge ma'ajiya ko ta sauya ta, kuma sharuɗɗan sun ɗora wa mai na'ura nauyin ajiye kwafi. Kundin kammala digiri da ke kan laftof ɗaya tilo yana cikin haɗarin da kuɗin garanti ba ya ragewa ko kaɗan.

Ga ɗan jarida ko ɗan rajin kare haƙƙi akwai ƙarin damuwa: aika na'ura gyara yana nufin miƙa sunayen majiyoyi da hotuna ga hannun da bai sani ba, ma'ajiyar da aka cire kuma takan koma wa kamfani. Kafin a aika, a kwafe komai a goge, ko a kulle ma'ajiyar da BitLocker. Manyan kamfanoni suna sayar da damar riƙe tsohuwar ma'ajiya, wadda Dell ke kira Keep Your Hard Drive, HP kuma Defective Media Retention. Ga mai irin wannan aiki, wannan ƙarin yana iya fin tsawaita garantin kansa muhimmanci.

Wa ya kamata ya biya, wa ya kamata ya riƙe kuɗinsa

Mai sayen laftof ta hannu ya mai da hankali ga garantin shago. Ya sa a rubuta a rasit lambar shaida, da yawan kwanaki, da sassan da aka lamunce, da abin da za a yi idan sun lalace: gyara, musanya ko mayar da kuɗi. Ya yi wa na'urar aiki mai nauyi tun a kwanakin farko domin aibi ya fito cikin wa'adi. Idan rigima ta taso, shugabannin kasuwa ne matakin farko kuma mafi sauri, sannan FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet.

Mai sayen sabuwa mai matsakaicin farashi, wadda za ta fi zama a gida ko ofis, ya fi samun riba idan ya kashe wani ɓangare na kuɗin a kan rigakafi: na'urar da ke katse wuta idan ta yi yawa kuma ta jinkirta mayar da ita, jaka mai soso, caja ta asali, ma'ajiyar waje ta kwafi, da share fanka bayan kowane hunturu. Ya riƙa cire caja kafin a tayar da janareta. Ragowar kuɗin ya ajiye don gyara. Idan babu abin da ya faru, suna nan nasa.

Mai sayen sabuwa mai tsada, mai manne-mannen ciki, wanda abincinsa ya dogara da ita kuma yake yawo da ita, shi ne kariyar haɗari ke iya yi wa rana. Kafin ya biya, ya nemi sunan cibiyar gyaran da adireshinta a rubuce, ya kira su ya ji ko suna karɓar wannan samfuri, ya tambayi wanda ke biyan kuɗin aikawa, da yawan gyaran da aka yarda a shekara. Bayan ya biya, ya sake shigar da lambar shaidar a shafin kamfanin. Idan kariyar ba ta bayyana a can ba, ba a yi mata rajista ba.

Lissafin yana sauyawa ga hukumomi da makarantu da cibiyoyin jarrabawa masu sayen na'urori da dama a lokaci guda, domin suna da ƙarfin sa ɗan kwangila ya zo gyara har Gusau. Duk lokacin da aka sanar da sayen kwamfutoci da kuɗin jama'a, tambayoyin da suka dace su ne shekara nawa ne garantin da ke cikin kwangilar, da sunan wa aka yi rajistarsa, kuma wa zai ɗauki nauyin kai na'urar da ta lalace a wata makaranta ta Bungudu zuwa inda za a gyara ta.